Ƙofar Zaure Ba Ta Kallon Tsakar Gida

"Baffa, barka da hutawa. An ba mu aiki a makaranta, sai na ɗauki taswirar tsohon gidanmu na Zariya da zanen fuskarsa, na fitar da hotonsa a kwamfuta. Na ga ƙofar ciki ta zaure ta kauce daga saitin ta waje, na daidaita su don ya fi kyau. Kuskuren magina ne, ko akwai dalili?"

Ɗana, na ga hoton, kuma ka yi ƙoƙari, har inuwar darbejiyar nan ka sa. Amma da kakanka zai ga abin da ka yi wa zaurensa, da ranar ba ka kwana gidan ba. Mayar da ƙofar inda ka same ta.

Maginin da ya yi aikin da gangan ya kautar da ita. Zaure wurin kowa ne. Almajiri zai tsaya a bakinsa, mai tallan goro zai leƙo, baƙon da ba a san asalinsa ba zai shimfiɗa buzu a ciki ya kwana. Shi ya sa ake fasa ƙofar ciki a gefe, ko can kusa da kusurwa, yadda idon wanda ke tsaye a titi zai ci karo da bango. Ƙofar waje kuwa wuni take a buɗe, ba mai damuwa.

Ka bi taswirar da yatsa kamar kai ne baƙon. Daga zaure za ka faɗa filin da muke kira ƙofar gida, inda ɗakin samari yake, da turken da kakanka ke ɗaure doki. Nan ɗin ma ba ka shiga gida ba tukuna. Sai ka karkata ka iske shigifa, zaure na biyu, ƙarami, wanda ita ma ƙofofinta biyu ba sa kallon juna. A nan namijin da ba muharrami ba yake tsayawa, ya yi sallama, a aiko yaro. A nan kuma kakarka take fitowa ta gaisa da surukai. Bayan shigifa ne tsakar gida take, da ɗakunan mata, da madafa, da rijiya, da turakar maigida. Mace na daka ko tana wanki ba lulluɓi, hankalinta kwance, don ta san ido sai ya sha kwana sau biyu ko uku kafin ya iso ta, shi kuwa ido ba ya shan kwana. Gidajen da aka matse yanzu, aka jefar da shigifa don a sami ɗakin haya, su ne za ka ga an rubuta "ba shiga" da fenti a bango, an rataya tsohon zane a ƙofa. Ni dai ban taɓa ganin zanen ya yi aikin bango ba, iska ɗaya ke ɗage shi.

Ga yadda za ka gwada aikinka. Ɗora zare a kan taswirar, ka kafa bakinsa a ƙofar waje, ka ja shi ta cikin ƙofar ciki. Kada ka tsaya a tsakiya kawai, gwada daga gefen dama na ƙofar, ka gwada daga hagu, domin mai leƙe a karkace yake tsayawa. A taswirar asali, duk inda ka ja, zaren zai ƙare ne a bango ko a bayan ɗakin samari. A naka hoton kuwa, daga dakalin waje ina hango bakin shigifa da wani yanki na turmin daka. Ka saukar da idon kwamfutar taka zuwa tsayin mutum, kamar mita 1.6, ka ajiye shi a kan titi, za ka gani da kanka. Ku kun saba kallon gini daga sama kamar shirwa, alhali ba ta sama baƙo ke zuwa ba.

Zanen fuskar ma ka yi masa kwaskwarima. Ka buɗe manyan tagogi biyu a katanga ta wajen titi. Babu su. Abin da ka gani a zanen ƙananan kafofi ne can sama, sun fi ƙarfin kan mutum, don iska da ɗan haske. Katangar kuma ka rage mata tsawo, ita da aka ɗaga yadda ko mahayin doki ba zai hango ciki ba. Sannan ka tsayar da ita sambal kamar ta bulo. Ginin tubali gindinsa kauri gare shi, yana sirancewa yana hawa, kusurwoyinsa a murɗe suke saboda yaɓen hannu. Zankwayen da ke kan zaure ka bar su, sun yi daidai, amma ka manta indararo. Rufin soro ƙasa ce a kan azara, in ruwan damina bai sami indararon da zai watsa shi nesa da bango ba, gindin katangar zai fara ci.

In ka gyara, turo mini hoton da aka ɗauka daga dakali, na gaba da ƙofa. Ka gaida mahaifiyarka.