Takardar bayanin tele ga baƙin gidan haya: me ya kamata a rubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gyara wani sashe na gidanmu a nan Zinder, ciki biyu da falo, ina ba baƙi haya na kwana-kwana. Akwai tele mai intanet, da dekodar Canal+, da wifi. Kusan kowane baƙo sai ya kira ni da dare wai tele ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Ina so in rubuta takardar bayani in ajiye a falo. Me zan sa a ciki? Kuma in bar musu Netflix ɗina a buɗe ko kuwa?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a gidan. Na daɗe ina riƙe da irin waɗannan ɗakuna a wajen Sabon Gari, bari in faɗa miki abin da na gani.

Baƙo ba ya karanta takarda ranar da ya sauka. Sai allo ya yi baƙi, yara sun fara kuka ko ana shirin take ƙwallo, sannan yake waiwayarta. Don haka kada ki rubuta ta kamar littafin da ake samu cikin kwali, wanda ke farawa da sunan kowane maɓalli. Ki rubuta wa mutumin da ya riga ya rikice, telekomandi biyu a hannunsa, bai san wadda zai danna ba.

Tushen rikicin guda ne. Tele tana da ƙofofi da yawa a bayanta, HDMI 1, HDMI 2, AV, USB, da ramin eriya, amma ƙofa ɗaya take kallo a lokaci guda. Dekodarki tana HDMI 1, a ce. Baƙo ya zauna, yana son canza tasha, sai ya ɗauki telekomandin tele maimakon ta dekoda ya danna lamba ko maɓallin tasha ta gaba. Teloli da yawa, da zarar an yi haka sai su bar HDMI su koma neman tasha ta eriya. Ke kuma ba ki da eriya. Sai allo ya rubuta "Aucun signal" ko "No Signal". Ba abin da ya lalace, tele ce ta juya wa dekoda baya.

Abin da ke biyo baya shi ne ɓarnar. Akwai wasu baƙi da suka zo mini biki daga Magariya, gida cike da yara. Ƙaramin cikinsu ya danna 1 a telekomandin tele, hoto ya tafi. Babban yayansu, wanda aka ce shi ne masanin waya a gidan, ya shiga saituna ya sa tele ta yi ta laluben tashoshi, ba ta samu ko ɗaya ba. Daga nan ya leƙa baya, ya zare wayar HDMI, ya hura mata iska, ya mayar da ita rami na 2. Da mai gadi ya kira ni na ce a danna SOURCE a zaɓi HDMI 1, aka zaɓa, shiru, domin wayar ba ta can kuma. Sai da na taso da kaina. Matsalar dannawa biyu ta koma ta awa guda.

Shi ya sa nake cewa rabin aikin ba a kan takarda yake ba. Kafin ki rubuta komai, ki samu farin sikoci da alƙalami mai kauri. Ki liƙa 1 babba a bayan telekomandin tele da gabanta, ki liƙa 2 a ta dekoda. A kan ta 1, ki rufe lambobi da maɓallin canza tasha da sikocin baki ɗaya, ki bar na kunnawa, na ƙarar murya, SOURCE, HOME, da kibiyoyin tsakiya. Abin ba ya da kyan gani, na yarda, amma ya rage mini kiran dare fiye da duk wani rubutu. Wayar HDMI ma ki ɗaura mata alama, ki rubuta ramin da take shiga. Ki duba sunan maɓallin a telenki kafin ki rubuta: Samsung SOURCE take sawa, LG da Hisense galibi INPUT, wasu kuma ba rubutu sai ɗan zanen akwati da kibiya tana shiga. Abin da idon baƙo zai gani shi za ki rubuta, harafi da harafi. In telenki da Faransanci take, kalmomin allon su zo da Faransanci ko da sauran bayanin Hausa ne.

Saman takardar, da manyan haruffa, ga irin abin da nawa ke cewa:

Don kallon tashoshi: ku kunna tele da telekomandi mai lamba 1. Ku kunna dekoda da mai lamba 2. Canza tasha da mai lamba 2 kaɗai ake yi.

In kun ga "Aucun signal": ku ɗauki mai lamba 1, ku danna SOURCE, ku zaɓi HDMI 1, ku danna OK. Don Allah kada a taɓa wayoyin baya.

Wannan kaɗai ya kashe yawancin kiran. Sauran kuma daga ɗauke wuta suke fitowa, musamman a watannin zafi, Afrilu da Mayu. In wuta ta dawo, ko aka tada inji, tele tana farkawa nan take, dekoda kuwa tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu tana shiri, wata ma sai ta tsaya a kwance da jar fitila har sai an tashe ta. A wannan ɗan tsakanin ne baƙo ke fara danne-danne. Ki sa layi guda: bayan wuta ta dawo a jira minti 2, in fitilar dekoda ja ce a kunna ta da mai lamba 2. Ki gwada da kanki, ki kashe wutar falon daga mita ki mayar, ki ga inda telenki ke farkawa. Wasu suna komawa ƙofar da aka bari, wasu suna buɗewa a shafin manhajoji. Abin da taki ta yi shi za ki rubuta, ba abin da tawa ke yi ba.

Akwai gwaji ɗaya da nake so ki riƙe ko don kanki, saboda da shi za ki gane ciwon ta waya ba tare da kin fito ba. Ki ce wa baƙo ya danna MENU a telekomandin dekoda. In shafin dekoda ya fito, to tele da waya da ƙofa duk daidai suke, matsalar daga sama take ko daga aljihu: ko dai hadari ya tare sigina, wanda a Yuli da Agusta ba abin mamaki ba ne kuma yana dawowa da kansa in ruwa ya tsagaita, ko iska ta karkatar da farantin da ke kan soro, ko kuɗin wata ya ƙare. Na ƙarshen yana da alama, dekoda za ta nuna sunan tasha da saƙon cewa ba ki da izinin kallonta. In kuwa an danna MENU ba abin da ya motsa, ƙofa ce ba daidai ba, ko dekoda a kashe take, ko batir ya mutu. Ki ajiye batir biyu sababbi a aljihun teburin, ki faɗa a takarda.

Murya ma wuri biyu take. Wani ya rufe ta a dekoda, na bayansa ya ƙure ta tele har 100 bai ji komai ba. Layi ɗaya ya isa: in ba murya a duba MUTE a duka biyun.

To, maganar Netflix. Kada ki bari, kuma kada ki rubuta imel da lambar sirrinki a takarda. Takardar falo kowa na ɗaukar hotonta, har abokin baƙo da ya leƙo shan shayi. Wanda ya tafi da lambar zai ci gaba da kallo a Yamai ko Kano, yana iya canza ta ya rufe ki waje, kuma katin bankinki ne a ɗaure. Ban da haka, ƙa'idar kamfanin ita ce asusu na mutanen gida ɗaya ne, tun 2023 suke matsa wannan. Ga kuma abin kunya: abin da baƙon jiya ya kalla shi zai tarbi iyalin da suka sauka yau a shafin farko.

Ki bar kowa ya shiga da nasa. Ba sai ya yi ta tsintar haruffa da kibiya ba. Netflix da YouTube duka suna nuna gajeriyar lamba ko zanen QR a allo, mutum ya buɗe a wayarsa ya amince, tele ta shiga, lambar sirrinsa ba ta taɓa telenki ba. YouTube ma ba ya buƙatar shiga, ana kallo haka nan, kuma gaskiya yawancin baƙina shi suke nema, wa'azi da finafinan Hausa da wasan yara. Abin da takarda za ta faɗa shi ne a danna HOME a mai lamba 1, a zaɓi manhajar, sannan in an gama a koma SOURCE, HDMI 1. Wannan komawar ita ake mantawa.

Fita daga asusu kuwa ki rubuta shi a fili, don mutane suna tafiya su bar nasu a buɗe. A Netflix na tele ana shiga "Obtenir de l'aide" sannan "Se déconnecter". In an sauya fasalin shafin kin kasa gano wurin, akwai tsohuwar dabara da kibiyoyi, kina cikin manhajar: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, sama, sama, sama, sama. Shafi zai fito da zaɓin fita. Wannan ki koya wa mai gyara ɗaki, ba sai ta hau takarda ba. Baƙon da ya tuna bayan ya kama hanya, yana iya cire telenki daga cikin asusunsa ta wayarsa, a wajen da ake ganin na'urorin da suka shiga.

Sai wifi. In naki na layin waya ne mai iyaka, ki san cewa Netflix yana cin kamar jiga 1 a awa a hoto na talaka, har jiga 3 a hoto mai kyau. Iyali ɗaya za su iya cinye na wata cikin kwana uku ba da mugun nufi ba. Ki faɗi iyakar a takarda tun farko, ya fi a zo ana jayayya ranar sallama. Sunan wifi da lambarsa ki sa su a wani ɗan kati daban, don ki riƙa canzawa ba tare da sake buga takardar duka ba.

Takarda ɗaya, kada ta wuce. Hausa a fuska ɗaya, Faransanci a ɗayar, tunda ma'aikatan da ke zuwa aiki daga Yamai shi suka fi karantawa. Ki ɗauki hoton telekomandin naki na gaske, ki zagaye maɓallan da jan alƙalami, domin dattijon da boko bai dame shi ba, hoton zai bi. Ki kai a rufe ta da roba wajen masu fotokofi, ki rataye ta a bango gefen tele yadda za a iya juya ta. Wadda aka ajiye kan tebur, faifan kofin shayi take zama.

Kafin ki kai a buga, ki rikita telen da gangan, ki mayar da ita eriya, ki kashe dekoda, ki miƙa wa mai gadi ko wata 'yar uwa da ba ta saba da ita ba takardar, ke kuma ki yi shiru. Duk inda ta tsaya tana kallonki, layin nan ne za ki gyara. Lambar wayar da za a kira ta zo can ƙasa, tare da roƙon a fara turo hoton allon ta WhatsApp kafin a kira.