Daga teburin akanta zuwa binciken cikin gida: wace takarda za ka fara nema?

"Maigida, na gama jarrabawar akanta, na kuma daɗe a ofishin biyan kuɗi. Ina son komawa ɓangaren kula da haɗari da bin ƙa'ida. Wasu sun ce in yi CIA, wasu CISA, wasu CAMS. Wanne zan kama?"

Kafin ka biya kuɗin kowace jarrabawa, ka san kujerar da kake hange, domin kujeru biyu ne kake haɗawa a baki ɗaya. A tsarin layuka uku da IIA, cibiyar masu binciken cikin gida ta duniya, ta sabunta a 2020, layin farko su ne masu yin aikin da hannunsu, irin ofishin da kake yanzu. Layi na biyu su ne masu kula da haɗari da bin ƙa'ida, waɗanda ke tsara dokoki suna sa ido, amma suna ƙarƙashin shugabannin gudanarwa. Layi na uku shi ne odita na cikin gida, wanda rahotonsa ke zuwa ga kwamitin bincike na hukumar daraktoci, kuma yana da ikon bincikar layi na biyun kansa. CIA, wadda IIA ke bayarwa, takardar layi na uku ce. Duk da haka ita zan ce ka fara da ita, ko da layi na biyu za ka zauna, saboda ita ce ke koya maka yadda ake gwada matakin tsaro a tabbatar yana aiki, kuma nan ne akanta ya fi rauni.

Bari in nuna maka da aikin da ka sani. A ce kamfani ya biya masu kawo masa kaya sau 400 a wata uku. Kai a matsayin akanta ka daidaita littafi da takardar banki, komai ya yi daidai, ka rufe wata ka tafi gida. Odita ba daga nan zai fara ba. Tambayarsa ta farko ita ce: me zai iya lalacewa a nan ba tare da lissafi ya nuna ba? Amsa ɗaya ita ce a canja lambar asusun mai kawo kaya a cikin manhaja, kuɗin su tafi hannun wani. Littafi zai daidaita tsaf, tunda adadin da aka rubuta shi ne ya fita. Sai ranar da mai kayan ya kira yana neman haƙƙinsa za a farga.

To sai oditan ya duba abin da dokar kamfanin ta tanada. A ce ta ce duk canjin lambar asusu sai mutum na biyu ya amince, kuma sai an kira mai kayan ta lambar wayar da ke cikin tsohon fayil, ba wadda ta zo a takardar neman canjin ba. A takarda wannan tsari ne mai kyau. Saura a ga ko ana binsa. Zai sa a fito masa da jerin duk canjin da aka yi daga cikin manhajar kanta, ba wanda ma'aikaci ya haɗa masa da hannu ba. A ce canji 30 ne. Tunda ba su da yawa, duka zai duba, ba ya bukatar ɗaukar samfuri. Ya tarar a guda 4 mutum ɗaya ne ya shigar ya kuma amince, a guda 9 kuma babu wata shaidar an yi kiran waya.

A nan sabon shiga ke tuntuɓe. Sai ya rubuta "ba a bin ƙa'ida, a kiyaye" ya miƙa. Rahoton da ake karɓa yana faɗin abin da ya kamata a yi, da abin da aka tarar, da dalilin faruwarsa, da abin da zai iya jawowa. Dalilin ne ke cin lokaci. Idan ka bi diddigi kana iya gano cewa lokacin da wani ya tafi hutu aka ba abokin aikinsa ikon amincewa na wucin gadi, kuma babu wanda ya janye. Ka ga maganin ba faɗa wa ma'aikaci magana ba ne, a gyara izinin da ke cikin manhaja ne, a kuma riƙa duba shi lokaci-lokaci. Sannan ka lura: ba ka ce an yi sata ba. Ƙofa ka tarar a buɗe. Sai ka bi kuɗin da aka tura bayan canje-canjen nan huɗu kafin ka ce uffan a kan wani.

Irin wannan tunanin jarrabawar CIA ke aunawa. Kashi uku ce, duka tambayoyin zaɓi: na farko tambaya 125 cikin awa biyu da rabi, na biyu da na uku 100 kowanne cikin awa biyu. Ana cin ta da maki 600 a ma'aunin da ya tsaya a 750, kuma wannan ba kaso cikin ɗari ba ne, kada ka yi ta lissafin banza. Mai digirin farko yana bukatar shekara biyu ta aikin bincike ko makamancinsa kafin a ba shi takardar, mai digiri na biyu shekara ɗaya. Idan kai cikakken mamba ne na ƙungiyar akantoci da IIA ta amince da ita, kamar ACCA, akwai gajeriyar hanya ta jarrabawa ɗaya tak, don haka duba jerinsu kafin ka yi rajistar kashi uku. Kuma ka kula da littattafan da wani zai ara maka: sababbin ƙa'idojin binciken cikin gida sun fara aiki a Janairun 2025, tsofaffin littattafai suna kan tsarin baya.

Abin da ke kayar da akantoci a jarrabawar ba lissafi ba ne. Tambaya ce za ta zo da amsa biyu masu kama da daidai: ɗaya ta ce ka gyara matsalar da ka gano, ɗaya ta ce ka kai rahoto. Hannun akanta ya saba da gyara, sai ya zaɓi ta farko ya faɗi. Odita ba ya gyara abin da zai dawo ya bincika. Saboda wannan dalilin ne ma, idan a kamfaninku aka mai da kai sashen bincike, ba za ka taɓa fayil ɗin ofishin biyan kuɗi ba sai ka cika wata 12 da barinsa. Ko an tura ka, kai za ka fara cewa a'a.

Sauran biyun ba sa bukatar dogon bayani. CISA ta ƙungiyar ISACA ce, takarda ce ta masu binciken tsarin kwamfuta, kuma tana neman shekara biyar ta aiki a fannin, ko da yake karatu na rage wani abu daga ciki. Idan a misalin nan izinin manhajar ne ya fi jan hankalinka, ita ce ta biyunka. CAMS kuwa ta yaƙi da halatta kuɗin haram ce. A banki tana da daraja sosai, a masana'antar siminti ba ta da aikin yi. Tara su uku a lokaci guda ɓata kuɗi ne, domin kowacce tana da kuɗin sabuntawa da awoyin karatunta. CIA kaɗai awa 40 take nema duk shekara ga mai aiki da ita.

Tun kafin ka bar teburinka, nemi izinin shugabanka ka ɗauki aiki ɗaya da kuke yi kullum, ka rubuta abin da zai iya lalacewa, da matakin da ke tare shi, da shaidar da za ta nuna an bi matakin. Idan masu binciken cikin gida suka zo ofishinku, ka nemi a sa ka mai haɗa musu takardu, ka karanta rahotonsu na ƙarshe ka gwada da naka. Ranar ganawar neman aiki, bayan sun ga takardarka, misali irin wannan za su ce ka kawo.