Me Ya Sa Ba A Iya Goge Tsohon Ciniki A Bulokcen?

Tambaya: Malam, yarona ya ce duk cinikin da ya shiga bulokcen ba ya gyaruwa. To ba kwamfuta ba ce? Mai ita ba zai iya share lamba ya sa wata ba? Daga wani ɗan kasuwa, Tudun Hatsi, Gombe.

Amsa: Alhaji, sharewa a kwamfuta ɗaya ba wuya. Wuyar ita ce sauran su yarda. Ka ɗauka littafin bashinka ne, amma dubban mutane a ƙasashe daban-daban kowa na riƙe da kwafinsa, kuma kowane shafi yana ɗaure da na bayansa.

Mu ɗauki Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009. A ce an turo maka 0.01 BTC, wato Bitcoin, kuɗin wake. Walet ɗin mai turowa, wato manhajar ajiyar kuɗinsa, zai sa hannu da mabuɗinsa na sirri, sai 'yan mainin, masu injunan tabbatar da ciniki, su haɗa cinikin da wasu cikin bulok guda, wato shafi ɗaya na littafin. Kusan duk minti 10 ake samun sabo.

Kowane bulok yana da hatimi, wato hash, da ake fitarwa da lissafin SHA-256: jerin lambobi da haruffa 64. Ko ɗigo aka taɓa a ciki, hatimin zai sauya gaba ɗaya. Sabon bulok kuwa dole ya rubuta hatimin wanda ya gabace shi a kansa. Samun hatimi karɓaɓɓe ma ba banza ba ne, sai injuna sun yi ta gwaji ba adadi, suna shan wuta.

To, a ce mai sayen wakenka ya kwashi kaya, yana son soke biyan bayan an ɗora buloka 6 a kai. Da ya cire cinikin, hatimin bulok ɗin ya lalace, na gaba ya daina dacewa da shi, haka har ƙarshe. Sai ya sake aikin duka 7 shi kaɗai, alhali sauran duniya ba ta tsaya jiransa ba. Kwamfutoci kuma sarƙar buloka da aka fi zuba wa aiki suke bi. In ba ya da fiye da rabin ƙarfin injunan duka, da wuya ya cim musu.

Amma yaronka ya ɗan zarce. A ƙananan sarƙoƙi an taɓa yi: Bitcoin Gold a 2018, Ethereum Classic a 2019 da 2020. Maharan sun janye kuɗin da su kansu suka biya, sai dai ba su iya ƙirƙirar sa hannun wani ba.

Don haka kada ka saki kaya saboda hoton shaidar biya. Saka lambar cinikin a shafin intanet na mempool.space ka duba. In ka ga Unconfirmed, bai shiga bulok ba tukuna, ana iya maye gurbinsa. Kuɗi mai yawa, ni dai shawarata ka jira Confirmations, wato bulok ɗin cinikin da waɗanda aka ɗora a kansa, su kai 6, kimanin awa ɗaya ke nan.