Kafin ka je wurin masu bashin

Maigida, Allah ya ƙara girma. Bashin naira 600,000 ɗin nan da ka tsaya mini a ƙaramin banki na sayi keken aikin ɗinki da janareta, ina biyan 74,000 duk wata. Na biya wata biyar, na shida ya wuce ban biya ba, na bakwai ga shi ya taho, saura wata bakwai ke nan a kaina. Jami'insu sai kira yake, na daina ɗauka. Yaya zan yi su sassauta mini?

Ɗana, fara da ɗaukar wayar nan. Yau, ba gobe ba. Ka yi masa sallama, ka ce ka san an wuce rana, kuma ranar Litinin da safe kana nan tafe ofis da lissafinka. Kada ka yi masa alkawarin ko kwabo a waya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shi wannan jami'in ya ga masu makara sun fi a ƙirga. Wanda ba ya yafe wa shi ne wanda ya ɓace masa, domin shi ma akwai manaja a kansa da ke tambayarsa kullum. Da zarar ya rubuta cewa ba a samunka, maganar ta tashi daga hannunsa ta koma wurin masu ƙwato bashi, su kuwa ƙofar shagona za su fara tsayawa tunda ni na sa hannu. Ban ji daɗin yadda sai yanzu na ji ba, amma wannan mu bar shi sai mun zauna.

Na kwana da littafin shagonka da ka aiko. Na gode Allah da dukan da na sha yi maka a kan rubuta kuɗin ɗinki bai tafi a banza ba, don wannan littafin mai tabon man keke shi ne lauyanka. Na ɗauki watanni huɗu na baya, waɗanda babu Sallah a cikinsu. Abin da ke shigowa a wata yana kai 210,000. Fetur na cin 55,000, zare da shafi da maɓallai da allurai 30,000, haya idan an raba ta wata-wata 10,000, yaranka biyu 20,000, cefanen gida 50,000. An kashe 165,000, saura 45,000. Ka ga tun farko 74,000 ba ta taɓa zama daidai wuyanka ba. Wata biyar ɗin da ka biya, kuɗin ɗinkin Sallah ne ya ɗauke ka, da ya ƙare sai asiri ya tonu. Laifina ma yana ciki, na ga takardar ban auna ta da watannin damina ba, lokacin da kowa ya kai kuɗinsa gona, ba mai ɗinka sabuwar riga.

To daga 45,000 ɗin nan, 35,000 za ka miƙa musu a matsayin abin da za ka iya. Goman da ta rage ba wayo ba ce, ta ranar da janareta zai ƙone ce ko yaro ya kwana da zazzaɓi. Za su matsa maka ka ce 50,000. Kunya za ta kama ka, ga manaja da kwat, ga sanyin ofis, ka ji bakinka yana so ya ce to. Kada ka ce. Wanda aka sake wa tsari ya sake faɗuwa, ba a sauraronsa karo na biyu, don haka lambar da za ka faɗa ta zama wadda za ka iya biya a watan da ya fi kowane muni.

Yanzu ka natsu, nan ne kuɗin yake. 74,000 ɗin nan abu biyu ne a haɗe: 50,000 uwar kuɗi, 24,000 ruwa, wato kashi 4 cikin ɗari na 600,000 duk wata. Ka lura ruwan ba ya raguwa, a kan kuɗin farko ake lissafa shi ko da ka biya rabi. Da ka shawarce ni tun kafin ka cike fom da na kai ka inda ake sayar da keke bashi a kan ƙayyadadden farashi, babu ruwa, amma aikin gama ya gama, mu nemi fita da neman gafarar Allah. Ka biya wata biyar, uwar kuɗi ta sauka zuwa 350,000. Ruwan wata bakwai da ya rage 168,000 ne. Jimla 518,000.

Idan ka ce a ƙara maka lokaci zuwa wata 12, hanya uku ce za su iya bi, kuma dukkansu sunansu ɗaya a bakin jami'i: an sassauta maka. Ta farko, su ci gaba da ɗora 24,000 duk wata kamar ba ka biya komai ba. Ruwa ya zama 288,000, jimla 638,000. Ta biyu ita ce mugunyar. Su tattara 518,000 ɗin nan gaba ɗaya su kira ta sabon bashi, su ɗora mata kashi 4, wato 20,720 duk wata. A shekara ka biya 766,640, ruwa a kan ruwa, kana murna an taimake ka. Ta uku ita za ka nema da bakinka, don ba za su fara kawo ta ba: a lissafa kashi 4 a kan 350,000 da ta rage, 14,000 a wata. Sau 12 ya ba da 168,000. Haɗa da uwar kuɗi, 518,000 cif, daidai abin da suke jira a hannunka tun asali. Wannan ita ce hujjarka, kuma ka faɗe ta a hankali: ranka ya daɗe, ban roƙi a yafe mini ko naira ɗaya ba, kuɗinku na nan yadda yake, lokaci kawai nake nema.

Sai yadda za a yanka ta. Banki yana son kashi daidai wa daida duk wata, don haka kwamfutarsu ta saba. Tela kuwa ba albashi yake ɗauka ba. Ka buɗe musu shafukan azumi su gani da idonsu yadda kuɗi ke ninkuwa, gani ya kori ji. Sannan ka ce wata 10 za ka riƙa biyan 35,000, wata biyu na Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah ka biya 84,000 kowanne. 350,000 da 168,000 ke nan, lissafi ya rufe. Ka tafi da kalanda mai watan Musulunci da na Bature, domin Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, su kuwa kwanan Bature suke rubutawa. A sa ranar babban biyan cikin makon da ke bin Sallah. Idan aka sa kafin ta, masu kaya ba su gama karɓa ba, kuɗinka na rataye a jikin ƙusa. Idan aka kai ƙarshen wata kuma, ka san halin kuɗin Sallah, barka da Sallah da yawon hawa sun cinye shi.

In suka ce tsarinsu ba ya karɓar kashi mai hawa da sauka, kada ka yarda a raba 518,000 gida 12, don zai haura 43,000, ya shiga cikin goman nan taka. Gara ka sayar da tsohon kekenka na ƙafa da ƙaramin janaretan da ke ajiye, ka zuba kuɗin a kan uwar kuɗi, a sake lissafi a kan abin da ya rage. Keken aikin dai ba a taɓa shi, shi ne ke biyan bashin, kuma su ma sun san in suka ɗauke shi suka yi gwanjo ba zai kawo rabin kuɗinsa ba.

Ni ma na zauna a irin kujerar nan. A 2023, bayan an cire tallafin mai a watan Mayu, sai aka rufe iyakar Nijar a watan Agusta. Mutanen Damagaram da ke shigowa ta Kongolam su bar mini shadda turmi-turmi suka ɗauke ƙafa ɗif, ni kuwa akwai kuɗin wani dilan yadi a kaina. Na je masa da 40,000 a aljihu da littafina a hammata. Ya jujjuya littafin, ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya ce in riƙa kawo abin da na faɗa duk ranar Lahadi idan an tashi daga kasuwar Mai'aduwa. Kuskuren da na yi, mun tashi a kan baki da baki. Bayan wata uku ya tafi Umara, ɗansa ya zauna a shago, ya buɗe littafinsu ya ga tsohon lissafi, ya aiko mini yaro har gaban masu ɗinki. Sai da uban ya dawo aka warware. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, na san haka tun ina makarantar allo, amma sai ranar na ji ta a jikina.

Saboda haka wasiƙa za ka rubuta wa manajan reshe, shafi ɗaya, kwafi biyu. Ka faɗi abin da ka karɓa, abin da ka biya, dalilin tsayawa a layi biyu ba tare da kuka ba, sannan tsarin da kake nema da ranakunsa. Su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Ka riƙe 35,000 ta farko, ka zuba ta a asusun bashin a ranar, ka karɓi rasit. Kada ka damƙa wa jami'i kuɗi a hannu a bakin shago ko da ya rantse zai kai.

Kafin ka sa hannu a sabuwar takarda, tambayoyi uku. Tarar makara ta watan da ya wuce nawa ce, kuma za a yafe ta ko a tsayar da ita? Sun fi saurin sakin tara a kan sakin ruwa, don haka nan ne za ka dage. Akwai kuɗin sake tsari, nawa ne, sau ɗaya ake biya? Sannan tsohon umarnin cire 74,000 daga asusunka an soke shi? Idan ba a soke ba, ranar da wani ya turo maka kuɗin shadda na'ura za ta kwashe, ba ruwanta da abin da kuka yi da manaja. Ka kuma duba tsohuwar takardarka ko akwai GSI a ciki. Tsari ne da Babban Bankin Nijeriya ya fara a watan Agusta 2020, wanda ke ba mai bin bashi damar cire kuɗi daga sauran asusunka na wasu bankuna ta hanyar BVN. In ka sa hannu a kansa, canza banki ba ɓuya ba ce. Manhajojin bashin waya kuma da yaranka ke ba ka labari, kada ka kusance su don toshe wannan ramin, wa'adinsu gajere ne, ruwansu ya fi wannan zafi.

Wataƙila ranar Litinin ba za ka samu amsa ba, manaja zai ce sai ya tura sama. Ba komai. Ka ci gaba da zuba 35,000 a ranar da ka rubuta kamar an riga an amince, kana tara rasit a cikin littafin. Tara na iya ci gaba da hawa kafin su sa hannu, shi ya sa duk mako za ka leƙa ka tambaya.

Ka biyo ta shago bayan La'asar ranar Lahadi da takardar yarjejeniyar da duk rasit biyar, mu rubuta wasiƙar tare. Litinin ƙarfe tara zan raka ka, amma a bakin ƙofa zan zauna, kai za ka yi magana. Ka sa farar rigarka, ka goge ta.