Wayarin ko digiri? Amsa daga Jidda

"Yaya, na gama sakandare a Zariya. Baba yana so in shiga jami'a, ni kuma hankalina ya karkata ga koyon wayarin don in zo Saudiyya aiki. Wanne ya fi, kuma nawa ake samu?"

Ƙanena, in har Saudiyya ka nufa, ka koyi wayarin, amma koyo mai takarda. Ofisoshin da mai digiri zai nema a nan yawanci an ware su ga 'yan ƙasa, har aikin injiniya akwai kason da doka ta tilasta wa kamfanoni su ba Saudawa. Jan waya da haɗa allon wuta kuwa har yanzu baƙi ne suka fi yinsa.

Abin da ke ƙayyade maka albashi shi ne sana'ar da aka rubuta a igamarka, wato katin izinin zamanka a Saudiyya. In an rubuta lebura, kuɗin lebura za ka ci komai gwanintarka. Don haka ka yi shekara biyu zuwa uku a hannun ogan da ke aikin manyan gine-gine, ka haɗa da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ake farawa daga mataki na 3 a hau zuwa na 1, ko ta NABTEB. Tun 2021 Saudiyya ma ta fara jarraba masu sana'ar hannu, a rubuce da a aikace, kuma masu lantarki na cikin sahun farko.

Bari mu yi lissafi da irin kwantiragin da na saba gani a hannun sababbin zuwa: riyal 1,800 a wata, masauki da motar aiki na kamfani. Raba shi kwana 30, awa 8 a rana, kowace awa ta kama riyal 7.5. Awar ƙarin lokaci doka ta ce a ɗora rabi a kai, ta zama 11.25. In kana ƙara awa 2 kullum na kwana 26, ka sami 585, jimla 2,385. Cire kamar 600 na abinci da kati, saura 1,785, wato wajen dala 476, tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya. Sai dai ƙarin lokacin ba kullum ake samu ba, kar ka ci bashin eja da shi a rai. Kuma wannan albashi ba ya riƙe iyali a nan, domin kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka riyal 400 ake biya masa duk wata.

Aikin kansa sai ka sake karatu. Wutar nan 60Hz ce, tamu ta gida 50Hz, shi ya sa injin da aka ƙera don wutarmu yake ƙara gudu da kashi 20 cikin 100 a nan. Abin da ya fi haɗari shi ne tsofaffin gidajen Jidda da Makka masu tsarin 127/220V. A cikinsu ana samun 220 ne tsakanin fes biyu, wato wayoyi biyu masu wuta, ba tsakanin layif da nutiral ba, ke nan duka wayoyin biyu na soket ɗin iyakwandishan suna ɗauke da wuta. Ka kashe makunni mai yanke waya ɗaya, ɗayar tana nan da ranta. Sababbin gine-gine kuma 230/400V ne. Ka yi musu haɗin tsohon gida, 400 ta shiga na'urar mutane ta ƙone. Kafin ka taɓa komai, sa mita tsakanin kowace waya da at, wato wayar da ke haɗe da ƙasa. In ka ga kusan 127 a duka biyun, tsohon tsari ne, sai ka sauke bireka mai yanke layi biyu.

Hanyar gaba tana buɗewa ne ga wanda ya iya karanta zanen wayarin, ya iya gano matsala a allon sarrafa injina, sannan ya ji Larabci da ɗan Turancin aiki. Shi ake ba foman, daga nan mai duba aiki, kuma a wannan matakin na san waɗanda albashinsu ya ninka na farko. Amma akwai inda za ka tsaya. Sunan injiniya sai mai digiri da ya yi rajista da hukumar injiniyoyin Saudiyya, buɗe shago da sunan Basaudiye kuma laifi ne babba. Shi ya sa nake ganin maganar Baba ba ta faɗi ƙasa ba. Ka gaya masa za ka yi difloma ta lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha kana koyon aikin hannu a gefe, ƙofar digiri tana nan a buɗe daga baya.

Wallahi kar ka yarda da wanda zai ce ka shigo da bizar Umara ka ɓuya, ko ka sayi bizar da kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamanka, zai sake ka kana neman aiki a gari. Ƙarshenta kamu ne da tarhil, wato a koro ka gida. Bizar aiki kaɗai, ka ga kwantiragin da idonka, ka tabbatar albashin da ke ciki shi ne za a shigar a Qiwa, manhajar gwamnatin Saudiyya ta rajistar kwantiragin aiki. In eja ya kawo maka takarda, turo min hotonta kafin ka biya ko sisi.