Hoton ciki ya fito lafiya, ciwo bai daina ba: me ya cancanci kuɗinku?

*"Likita, shekaruna 34. Wata tara ke nan ko loma kaɗan na ci sai na ji na ƙoshi, saman cikina ya yi nauyi yana zafi. An zura min kyamara ta baki, aka ce babu gyambo, babu komai. Mijina ya ce tunani ne kawai. In biya a sake hoton a wani asibitin?"*

Ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna. Ciwonki na gaske ne, kuma yana da suna a wajen likitoci, fonkshonal disfefsiya, wato ciwon saman ciki da ba a samun rauni idan an duba. Ƙa'idojin Roma na huɗu, waɗanda ƙwararrun likitocin ciki suka fitar a 2016, sun ce ana tabbatar da shi ne idan alamun sun fara aƙalla wata shida da suka wuce, sun ci gaba a watanni ukun ƙarshe, hoton kyamara kuma bai nuna komai ba. Kin cika sharuɗɗan. Mafi yawan masu irin kukanki, idan aka duba su, sakamakon da ke hannunki suke samu, don haka kyamara ta biyu abin da ta farko ta gani za ta gani.

Tsakanin tumbi da ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyi masu kai saƙo da dawo da shi dare da rana. Idan mai lafiya ya fara cin abinci, saman tumbinsa yakan saki ya buɗe don ya karɓi abin da ke shigowa, shi bai ma sani ba. A wasu masu wannan ciwo tumbin ba ya sakewa yadda ya kamata, shi ya sa loma biyar take zama kamar kwano guda. A wasu kuma jijiyoyin ne suka yi kaifin ji. An gwada wannan ta hanyar saka balan-balan a tumbi ana hura masa iska a hankali: a matakin da mai lafiya bai ji komai ba, wasu marasa lafiyar har sun fara jin ciwo. Kyamara fatar tumbi take gani, ba ta auna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Maigidanki ya taɓo gefen gaskiya, amma ya yi saurin yanke hukunci. Damuwa da rashin barci suna sa ƙwaƙwalwa ta ƙara wa saƙon ciki ƙarfi, haka ne. Sai dai a mutane da yawa ciwon cikin ne ya fara zuwa, damuwar ta biyo baya.

Mataki-mataki ake bi, kuma ba a tsallake. Ki fara da abin da ba ya cin ko sisi: rage yawan abin da kike ci a zama ɗaya ki ƙara yawan lokutan, rage maiƙo, kuma idan kina shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen ko dikulofenak, ki gaya wa likitanki, domin su kaɗai suna iya jawo wannan zafin. Daga nan a gwada ki ko kina da ƙwayar Helikobakta failori, wadda ake kira ƙwayar olsa, idan ba a gwada lokacin hoton ba. Idan babu ita, ko an kashe ta ciwon bai tafi ba, sai omefirazol, maganin rage tsamin ciki, miligiram 20 sau ɗaya a rana, rabin awa kafin karin kumallo, na mako huɗu zuwa takwas. Ya yi aiki, a ci gaba da mafi ƙanƙantar adadin da zai riƙe ki. Bai yi ba, a ajiye shi a hau mataki na gaba. Amma da zarar kin ga rama, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida, zancen ya canja, ki koma asibiti ba tare da jira ba.

*"Gwajin jini ya nuna ina da ƙwayar olsa. Sau uku ina sayen kwalin maganinta ina shanyewa, jini bai fasa nunawa ba. Wane kamfani ne nasa ya fi ƙarfi?"*

Malam, babu kamfanin da zan ambata maka. Gwajin jini alamar da garkuwar jikinka ta bari bayan ta haɗu da ƙwayar yake nema, wannan alama kuwa tana iya zama shekaru bayan ƙwayar ta mutu. Ko kwali goma ka sha zai iya ci gaba da nunawa. Gwajin da ke faɗa maka ko tana nan da rai shi ne na bayan gida ko na numfashi, shi ma sai ka yi mako huɗu rabonka da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mako biyu rabonka da omefirazol da danginsa. In ba haka ba, yana iya cewa babu, alhali akwai.

Wannan ɗabi'a tana ci min rai. Mutum ya ji zafi a ciki, ya yanke wa kansa hukuncin olsa, ya sayi kwali ba tare da takardar likita ba, ya sha kwana biyar, da ya ji sauƙi ya watsar. Maganin kwana 14 ake so a sha cif. Duk lokacin da aka yanke shi a tsakiya, ko aka maimaita haɗin da ya riga ya gaza, ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, musamman ga kilaritoromaisin, ɗaya daga cikin magungunan kashe ƙwayar. Ranar da ake bukatarsa da gaske sai a tarar ya daina ci. Ga gudawa da ɗacin baki da ka saya wa kanka da kuɗinka. Ban ma shiga batun jabu ba, wanda ya fi yawa a inda ake sayar da magani ba tambaya.

Abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba shi ne, idan babu gyambo, ko an kashe ƙwayar tas, kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke rabuwa da ciwon saboda hakan. Ya isa dalilin a yi sau ɗaya a yi da kyau, sannan a tabbatar da gwaji. Idan gwajin ya nuna ta mutu ciwon yana nan, ba laifinta ba ne, a nemi magani a wani matakin.

*"Likita ya rubuta wa 'yata amitiriftilin saboda ciwon ciki. Na karanta takardar cikin kwalin, maganin ciwon damuwa ne. Ko yana ganin ta samu taɓin hankali?"*

Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan shi ne matakin da ke biyo bayan omefirazol. Ana farawa da miligiram 10 da dare, a ɗaga a hankali zuwa 25 ko 50, ƙasa da abin da ake ba mai ciwon damuwa. A wannan adadin aikinsa rage kaifin jijiyoyin ciki ne, kuma ya fi amfanar wadda zafi ya fi damunta. Zai iya sa ta barci, bushewar baki da taurin bayan gida, sauƙin kuma sai bayan makonni, don haka kada a yanke ƙauna a kwana uku. Ki sanar da likitan idan tana da ciwon zuciya ko juna biyu, ki kuma ɓoye kwalin daga yara, yawansa yana kisa. Idan ya tura ta wajen masanin halayyar ɗan Adam, ki bar ta ta je, yana cikin maganin.

*"Metokulofiramaid yana min aiki. In sayi na wata uku in ajiye?"*

A'a. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shan wannan maganin amai zuwa kwana biyar tun 2013, domin daɗewa a kansa yana iya jawo motsin baki da fuska da mutum ba ya iya hanawa, wani lokacin ba ya warkewa.

*"Babana shekarunsa 63. Wata biyu ke nan yana saurin ƙoshi, ya rame. Wane maganin olsa zan saya masa?"*

Kada ka saya masa komai, ɗana. Sabon ciwon saman ciki a wanda ya kai 60, ga kuma rama, kyamara ake fara yi kafin a yi zancen magani, don a tabbatar ba ciwon daji ba ne. Omefirazol zai iya lafar da zafin ya sa ku ɓata watanni. Kuɗin da ka ware, ka kai shi wajen likitan ciki da su a cikin makon nan.