Tsadar rububi da tsadar kashin kuɗi

"Kawu, me ya sa iyayenmu suka dage a sayi gero tun kaka a ajiye? Ai komai tsada yake yi, ajiyar me za ta hana?"

Ɗana, tsada kala biyu ce, kuma al'adar nan ɗaya kawai take tarewa.

Akwai tsadar rububi, wato kuɗi da masu saye sun fi kaya yawa. Dubi rago ana gab da sallar layya, ko gero idan ƴan kasuwa suka cika Matameye da Magaria suna lodi zuwa Kano. Za ka gane ta da cewa kasuwa cike take, kaya na fita, mai sayarwa yana cin riba. Manomi da makiyayi suna samu, mai albashi ne ke kuka. Idan ta tsaya kan kaya ɗaya, takan lafa bayan lokacinta. Idan ta game komai ta daɗe, nan ne babban banki, BCEAO, yake ɗaga kuɗin ruwa don bashi ya ragu.

Ɗayar ita ce ta fi damuna. Kuɗin da ake kashewa kafin kaya su iso hannunka ne ke ƙaruwa: gazuwal, kuɗin mota, duwan, taki. An gan ta a Janairun 1994 da aka karya darajar CFA da rabi, kayan waje suka tashi. An sake ganinta a 2023 da aka rufe iyakar Nijar da Benin, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome. A irin wannan, Kasuwar Dole ta Damagaram tana shiru amma farashi yana hawa.

Ɗauki mai ƙosai. A ce wake, mai, itace da niƙa suna cin mata 2,700 a rana, tana sayar da ƙosai 140 a dala biyar-biyar, CFA 25 kowanne, wato 3,500. Ribarta 800. Mai ya ƙaru da 400, riba ta koma rabi, alhali ba mai saye ko ɗaya da ya ƙaru. Ba za ta iya ɗaga farashi ba, don yaran unguwa dala biyar ke hannunsu. Sai ta fitar da 156 daga ƙullu ɗaya. Ka biya kuɗin jiya, ƙosai ya ƙanƙance, ita kuma ba ta ci komai ba. Shi ya sa nake jin zafi idan ana zagin ƴan tireda da haɗama ba tare da an tambayi nawa suka saro ba.

Geron kaka yana fitar da gidanka daga rububin bazara da na azumi. Buhu mai kilo 100 kusan tiya 40 ne, gidan da ke cin tiya ɗaya a rana zai yi kwana 40 da shi, sai ka lissafa. Amma ya bushe sarai, a ɗora shi kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, in ba haka ba danshi da ƙwari su cinye ribar. Kada kuma a saye shi da bashi mai ruwa. Mai, sukari, magani da kuɗin mota kuwa, rumbu ba ya tare su, sai dai a rage amfani, ko a koma man gyaɗa na gida idan ya fi sauƙi.